Kirari, take da kan talla: inda masu talla suke rikicewa

Wata Hajiya mai haɗa garin kunun gyaɗa a leda ta kawo mini fostar da aka zana mata ana saura sati uku azumi. A saman fostar an rubuta da manyan haruffa: "Inganci shi ne burinmu." A ƙasa can, da ƙananan baƙaƙen da sai ka matso za ka karanta, an ce kunun yana haɗuwa cikin minti 5 da ruwan zafi kawai. Na ce mata, Hajiya, abin da zai sayar miki da kaya shi aka ɓoye, abin da ba ya sayar da komai kuma shi aka ɗora a sama. Ba laifin mai zanen ba ne shi kaɗai. An ba shi jimloli ne ba tare da an gaya masa aikin kowacce ba.

Jimlolin talla iri uku ne, 'yan kamfanonin talla suna kiran su tagalayin, sulogan da hedilayin. Ni na fi son in kira su kirari, take da kan talla, domin Bahaushe ya riga ya san bambancinsu tun kafin a zo da allon talla.

Kirari na mai shi ne, yana binsa duk inda ya je, shekara da shekaru. "Kano ta Dabo tumbin giwa" bai dogara da damina ko rani ba, kuma ba wanda zai ɗauke shi ya liƙa wa Katsina. Haka kirarin kamfani yake: gajeruwar jimla ce da ke zama kusa da suna da tambari tana faɗin ko shi wane ne. Kamfanin Nike ya fito da "Just Do It" a 1988, har yau yana tafe da shi. MTN ya daɗe da "Everywhere you go" a gindin tambarinsa.

Take kuwa na kamfe ɗaya ne. Ana kaɗa shi don wani taro, taron ya watse a ajiye ganga. Ita kanta kalmar sulogan asalinta daga harshen Gelik na mutanen Sukotland ne, inda take nufin kururuwar da mayaƙa ke yi don su haɗu. Lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ba mutane damar sauya kamfanin waya ba tare da sauya lambarsu ba a Afrilun 2013, MTN ya fito da "I don port", da ɗan wasan barkwancin nan Saka. Maganar ta karaɗe Najeriya, ta yi aikinta, ta wuce, kirarin kamfanin kuma yana nan inda yake. A siyasa ma haka ne: jam'iyyar APC ta yi yaƙin 2015 da "canji", da 2019 ta zo sai ta sauya take, domin mai riƙe da mulki ba ya neman ƙuri'a da kiran a canza.

Kan talla shi ne mafi gajeren rai. Na talla ɗaya ne tak: fosta ɗaya, shafin jarida ɗaya, hoto ɗaya a sitatus. Aikinsa ya tsayar da mai wucewa, ya ba shi dalilin karanta sauran. Tun da ba haddace shi ake so a yi ba, ba dole ne ya zama gajere ko mai kari ba. Kan tallar motar Rolls-Royce da gwanin talla David Ogilvy ya rubuta a 1958 doguwar jimla ce, mai cewa a gudun mil 60 cikin sa'a, ƙarar da ta fi kowacce a cikin motar ita ce ta agogon lantarki. Babu mai rera wannan a hanya, amma wanda ya gani sai ya ci gaba da karantawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne na fostar Hajiya, wato a ɗauki kirari a ajiye shi a gurbin kan talla. Dalilinsa a fili yake: mai kaya yana son kirarinsa, shi ya zauna ya ƙirƙira, yana so duniya ta gani. Amma mai wucewa a kan babur ko mai jan waya da yatsa bai san ka ba tukuna, bai kuma damu da burinka ba. Abin da yake tambaya shi ne, ni me zan samu? Alamar wannan cuta ita ce mutane su ga tallar, su ce ta yi kyau, amma in ka tambaye su me ake sayarwa, nawa ne, a ina, sai su yi shiru. A intanet za ka ga an kalli tallar da yawa, masu dannawa ko masu aiko saƙo kuwa ba su taka kara sun karya ba. Gyaran ba shi da wuya. Ka nemo jimlar da ke ɗauke da amfani, ko farashi, ko wa'adi, ko wani sabon labari, ka kai ta sama. Kirari ya sauko ya zauna kusa da tambari, can ne gidansa.

Ga yadda muka yi da kayan Hajiya. Mun fara da kirari, domin shi ne zai hau leda, kuma leda ana buga ta ne da yawa lokaci guda. Na tambaye ta abin da ba zai canza ba ko da ta ƙara garin kunun tsamiya da na ɗanwake nan gaba. Ta ce ita dai abin da take so a sani shi ne ɗanɗanon bai bambanta da wanda ake dakawa a gida ba. Sai muka tsaya a kan "Daka irin ta gida." Kalma huɗu, babu sunan gyaɗa a ciki, babu azumi, babu farashi.

Daga nan muka nemi taken azumi. Wahalar da matan gida ke sha da la'asar ita ce abin da kamfen zai taɓa: ga miya a wuta, ga ƙosai, ga kunu bai haɗu ba. Muka ce "Azumin bana, a huta da turmi." Wannan jimla ita ce ta fito a kowace talla ta wannan wata, a rediyo, a fosta, a sitatus, don duk inda mutum ya ci karo da ita ya gane tafiya ɗaya ce.

Kanun talla kuwa uku muka rubuta, domin masu saye iri uku ne. Fostar da matan gida za su gani ta ce "Kunun gyaɗa cikin minti 5, ruwan zafi kawai." Takardar da aka kai wa masu kanti ta ce "Sari katan 10, a ƙara maka 1, zuwa ƙarshen Sha'aban," domin shi mai kanti ba turmi ne damuwarsa ba, riba ce. Na ukun na masu raba abincin buɗe-baki ne a masallatai, ya faɗi yawan kofin da babbar leda ɗaya ke fitarwa. Kirari ɗaya, take ɗaya, kanu uku. Wanda ya yi kan talla ɗaya ya watsa wa kowa, yawanci da mutum ɗaya kawai ya yi magana, sauran sun wuce.

Kuskure na biyu ya fi cin kuɗi, shi ne ɗora take a inda zai daɗe. Da Hajiya ta buga "Azumin bana" a jikin leda, da bayan Sallah duk ledar da ta rage a kanti za ta zama shaidar cewa kayan sun kwana. Haka allon shago, haka jikin motar kai kaya, haka rasit. Duk abin da zai wuce wa'adin kamfe, kirari kawai ake sa masa. Idan har ana son take ya hau kaya, a yi shi a sitika da za a daina liƙawa in lokaci ya wuce.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskure, wato sauya kirari duk lokacin da aka gaji da shi. Mai kamfani yana ganin kirarinsa sau ɗari a rana, don haka shi ne farkon gajiya, alhali mai saye bai ma gama riƙe shi ba. In ƙaiƙayin sabon abu ya taso, take ake sauyawa. Kirari ba ya tashi sai in sana'ar ce da kanta ta canza.

Sai maganar kirarin da ba na kowa ba. "Inganci da rahusa," "gamsuwarku ita ce farin cikinmu," "sai an gwada akan san na ƙwarai." Na ƙarshen nan karin magana ce mai daɗi, amma tela yana da ita, mai gyaran waya yana da ita, mai maganin gargajiya ma haka. Gwajin da nake yi shi ne in rufe sunan kamfanin da hannu, in sa sunan abokin gogayyarsa. In jimlar ta zauna daram ba ta yi ƙorafi ba, to ba kirarinka ba ne. Ƙaramar sana'ar da ba ta samo nata ba tukuna gara ta zauna da suna da bayanin abin da take sayarwa, ta sa ƙarfinta a kanun talla. Ba kowace kamfe ce ma ke bukatar take ba: talla ɗaya ta kwana uku don sanar da ragin farashi, kai mai kyau ya ishe ta. Take yana amfani ne idan tallace-tallace da yawa za su fita a wurare daban-daban ana so a ɗaure su wuri guda.

Wurin da talla za ta fita shi ma yana da hukunci a kan tsawon kai. A tallar bincike ta Google Ads, kowane kai ba ya wuce harafi 30, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. "Kunun gyaɗa cikin minti 5" harafi 25 ne, ya shiga, amma "ruwan zafi kawai" sai dai ya koma layin bayani. Allon bakin titi kuma, masu sana'ar kan tsaya wajen kalma bakwai, domin direba kallo ɗaya zai yi. A rediyo babu manyan haruffa, jimlar farko da mai shela ya furta ita ce kai, take ya zo a tsakiya ko a waƙa, kirari ya rufe tare da suna.

Abu ɗaya da nake jan kunnen kowa a kai: kan talla shi ne inda alkawari yake, don haka shi ne inda ake kama mutum. Kafin mu rubuta minti 5, sai da na sa aka dama kunun a gabana muna duba agogo. A Najeriya hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance tallace-tallace, kayan abinci da magunguna kuma NAFDAC na da ta cewa a kan abin da aka faɗa game da su. Hajiya ta so a ƙara "yana ƙara jini" a kan fostar matan gida. Na ce mata wannan magana ce ta magani, ba ta da takardar da za ta kare ta, muka cire.