Yadda ake sa maganin ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, da dalilin hana haɗiye shi

Wani dattijo a unguwarmu, nan Tudun Wadan Zariya, likita ya rubuta masa naitirogilisarin saboda ciwon ƙirji na zuciya. Ya ce mini: "Ɗana, ina kora shi da ruwa, amma shiru kake ji." Na ce: "Baba, ai hanta ce ke cinye muku shi."

Duk ƙwayar da aka haɗiye, daga hanji take shiga jini, kuma jinin hanji ba ya zarcewa zuciya kai tsaye. Wata babbar jijiya ce ke fara kai shi hanta, hanta kuwa kamar shingen kan hanya take: sinadaranta na farfasa magani kafin ya wuce, abin da ya tsira shi jiki ke mora. Misali mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, in aka sha shi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke tsira, shi ya sa miligiram 30 na sha ke daidai da kamar miligiram 10 na allura. Naitirogilisarin kuwa, ko kashi 10 cikin 100 ba ya kai labari.

Ƙarƙashin harshe fatar siririya ce, ga jijiyoyi birjik. Ɗaga harshenka gaban madubi ka gansu. Jininsu zuciya yake nufa ba tare da ya fara bi ta hanta ba, don haka ƙwayar rabin miligiram ke fara aiki cikin minti 1 zuwa 3.

Da ciwon ya taso, fara da zama, domin maganin na buɗe jijiyoyi, jini ya sauka, mai tsaye na iya yanke jiki ya faɗi. In akwai goro a baki, a tofar. A hunturu baki kan bushe ƙayau, ƙwayar ta ƙi narkewa, sai a kurɓi ruwa a jiƙa baki tukuna. Sannan a sa ƙwaya ɗaya ƙarƙashin harshe, a rufe baki. Kada a tauna, kada a bi ta da ruwa, a bar ta ta narke. Ciwon kai ko ɗan jiri ba abin tsoro ba ne, aikin maganin ne.

A duba agogo. Bayan minti 5 in ciwon na nan, a ƙara ɗaya. In wasu minti 5 suka wuce bai lafa ba, a daina jira, a garzaya asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Shika, kuma wani ya tuƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin ƙarfin maza irin sildenafil. Wanda ya sha sildenafil cikin awa 24 da suka wuce kada ya kuskura ya sa wannan ƙwaya, jini zai iya faɗuwa warwas. A gaya wa likita gaskiya, ba wurin kunya ba ne.

Ƙwayar ba ta son zafi. A bar ta cikin kwalbarta ta gilashi a rufe ruf, ba a juye ta a leda ba, ba kuma a bar ta cikin mota a rana. A tambayi mai ba da magani tsawon lokacin da za ta yi bayan an buɗe, a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar.