Kada ka bari a kumbura maka kuɗin gyara

'Yan uwa masu inshorar mota, idan an yi tsautsayi, kada ku yarda mai gyara ya cusa tsohuwar ɓarna cikin lissafi. A ce bamba ce ta fashe, gyaranta naira dubu 150, ya ƙara fitilar da ta tsage tun bara, ya rubuta dubu 400. Kamfani zai turo mai duba ɓarna, shi kuwa ya san sabon tsagi daga wanda ya sha ƙura, kuma sau da yawa suna da hotunan motar na ranar da ka yi inshorar. In suka gano, har dubu 150 ɗin halaliyarka za su iya hanawa, su soke inshorar, maganar ta kai gaban 'yan sanda. Sa hannunka ne a takardar, don haka karanta kowane layi kafin ka sa.