Maki 20 ko maki 17: kurakuran da ake yi wajen auna ƴan ƙwallon kwando

Gardamar da aka fi yi a bakin filayen ƙwallon kwando a nan Maradi ita ce wa ya fi wani cin maki. Sai a ɗauko makin kowane wasa a yanke hukunci, alhali ƙungiyar da ke gudu tana kai hari sau da yawa fiye da wadda ke jan ƙwallo har daƙiƙa 24 da doka ta ba ta don yin jifa ta kusa cika. Ɗan wasanta ya fi samun damar jifa, ko da bai fi gwaninta ba. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma maganinsa a ƙirga hare-hare. Hari ɗaya yana farawa lokacin da ƙwallo ta shigo hannun ƙungiya, ya ƙare lokacin da ta koma hannun abokan karawa. Idan akwai cikakkun alƙaluma, ga yadda ake ƙiyasta su:

```
POSS = FGA - ORB + TOV + 0.44 * FTA
```

POSS shi ne yawan hare-hare. FGA duk jifan da aka yi ne cikin wasa, ya shiga ko bai shiga ba. ORB ƙwallon da masu hari suka sake cafkewa bayan jifansu ya kuskure, TOV wadda suka zubar, FTA kuwa jifan kyauta da ake bayarwa bayan laifi.

Mu ƙaddara ƴan wasa biyu da ba da juna suke karawa ba, kowanne yana buga minti 32 cikin 40. Na farko yana cin maki 20. Ƙungiyarsa tana jifa 70, ta sake cafke 12, ta zubar da 18, ta yi jifan kyauta 20, hari kusan 85 ke nan. Na biyu yana cin 17, ƙungiyarsa kuma jifa 56, cafkewa 10, zubarwa 13, jifan kyauta 16, wato hari 66. Da yake minti 32 kashi huɗu ne cikin biyar na wasan, na farko yana fili a hari 68, na biyu a kusan 53. Sai a raba maki da hari a ninka da 100. Na farko ya tashi da maki 29 a hari ɗari, na biyu da 32. Wanda ake ganin yana baya shi ne a gaba.

A cikin wannan lissafi ne ake yawan tuntuɓe. Wasu suna manta cire ORB, suna ganin ai sabon jifa sabon hari ne. Ba haka ba ne, ƙwallo ba ta canja hannu ba, harin nan ne yake ci gaba. Da ba a cire 12 ɗin nan ba, ƙungiyar farko za ta tashi da 97, a zalunci ɗan wasanta don kawai abokansa sun iya tsalle ƙarƙashin kwando. Wasu kuma suna ƙirga kowane jifan kyauta a matsayin hari guda, alhali yawanci bibbiyu ake yin su, wani lokaci uku, wani lokaci ɗaya na ƙari bayan ƙwallo ta riga ta shiga. Dalilin 0.44 ke nan. Alamar an yi kuskure tana da sauƙin gani: ƙungiyoyi biyu a wasa ɗaya karɓa-karɓa suke yi, don haka hare-harensu kusan daidai suke. In ka samu 85 da 72 a wasa guda, koma ka duba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne raba makin ɗan wasa da harin ƙungiya gaba ɗaya ba tare da duba mintinsa ba. Yaron da ya shiga minti 10 ya ci maki 6 a ƙungiya mai hari 66, hari 16 ko 17 kawai ya gani. Da su za a auna shi. Amma kada a ɗauki sakamakon wasa ɗaya a ce ya fi kowa, sai an tara wasanni da yawa kafin lambar ta zauna.

Masu kallon gasar NBA ta Amurka su tuna can minti 48 ake yi, dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA da muke bi kuwa 40. Gudun da aka rubuta hari 100 a wasa a can daidai yake da kusan 83 a nan. Kason jifan da ya shiga kuma ba ya buƙatar wannan gyara, tunda an riga an raba shi da yawan jifa.

Takardar wasa da ake cikawa a tebur ba ta ɗauke da jifan da ya kuskure ko ƙwallon da aka zubar, don haka lissafin sama ba zai fito daga cikinta ba. Koci ya zaunar da mutum ɗaya da biro, ya riƙa jan layi duk lokacin da ƙwallo ta koma hannun ƙungiyarsu, ya kuma rubuta mintin da kowane ɗan wasa ya shiga da wanda ya fita.