Yadda ake rubuta rahoton tangarɗar biyan kuɗi da ke zuwa sai sabis ya yi rauni

Wata mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ta taɓa aiko mana saƙo a kan manhajarmu ta biyan kuɗi: "Biya yana ƙin shiga, wani lokaci kuma ya shiga." Muka gwada a ofis da waifai sau ashirin, duk ya wuce lafiya. Gaskiya ta faɗa, amma saƙon bai ba injiniya abin kamawa ba. Shagonta yana can cikin layi, inda sabis kan faɗo daga 4G zuwa E, mu kuwa muna zaune kusa da na'urar waifai.

Da farko ka tantance ko kuɗin ya fita. Wannan shi ne abin da na fi damuwa da shi, domin "ya ƙi shiga" iri biyu ne. Akwai wanda buƙatar ba ta isa saba ba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar biyan, ba a taɓa asusun kowa ba. Akwai kuma wanda saba ta karɓa, ta cire kuɗin, amma amsarta ta makara, manhaja ta gaji da jira ta ce biya bai yi ba. Na biyun ya fi muni, don mai saye zai sake dannawa a cire masa sau biyu, a bar 'yar kasuwa da rigima a bakin shago. Ka duba alat, ka duba tarihin asusu, ka sa abin da ka gani a taken rahoton. Namu ga yadda ya fito: "Manhaja tana cewa biya bai yi ba bayan daƙiƙa 10 a kan sabis mai rauni, alhali an cire kuɗin."

Sai ka jawo matsalar da hannunka. Ba sai ka shiga Kwari kana neman lungu ba, wayar gwaji ta cikin kwamfuta tana iya rage gudun sabis:

```
emulator -avd Gwaji -netspeed edge -netdelay 3000:9000
```

Ka sa sunan wayar gwajinka a madadin Gwaji. Wannan yana sa jinkirin daƙiƙa 3 zuwa 9 da ke sauyawa, kamar yadda sabis ɗin kasuwa yake yi. Ka kashe waifai na wayar gwajin tukuna, ta hau layin data. Kada kuma ka yi gwaji da asusun mutane, ka yi da na gwaji.

Yanzu ka cire "wani lokaci" daga bakinka, ka sa lamba. Mu mun biya naira 5,000 sau 20 da jinkiri, 7 suka faɗi. Muka sake sau 20 babu jinkiri, ko ɗaya bai faɗi ba. Gwajin na biyu mutane kan tsallake shi, alhali shi ne hujjar cewa raunin sabis ne ke tayar da abin. Ka riƙe agogo kuma. Duk bakwai ɗin nan a daƙiƙa ta 10 cif suka faɗi, kuma faɗuwa a lokaci guda kullum alama ce ta wa'adin jira da aka sa wa manhaja. OkHttp, wanda manhajojin Android da yawa ke aiki da shi wajen magana da saba, daƙiƙa 10 yake jiran amsa in ba a sauya masa ba. Ga yadda za ka tabbatar:

```
adb logcat | grep -i timeout
```

In ka ga `SocketTimeoutException`, ka kwafe layin yadda yake, kada ka fassara shi da kalmominka.

Daga nan ka ba injiniya abin da zai nemo cinikin a bayanan saba: lambar shaidar cinikin da ainihin lokacin, har da daƙiƙa. A nan ake yawan tuntuɓe. Agogon Kano yana gaban UTC, wato agogon ma'auni na duniya, da awa ɗaya, saba da yawa kuwa da UTC suke rubutu. Cinikin ƙarfe 2:10 na rana zai fito a 13:10, don haka ka faɗi agogon da ka bi. Da muka yi haka, aka ga saba ta kammala cire kuɗin, wayar ce amsar ba ta riska cikin wa'adi ba.

Sauran gajeru ne. Ka rubuta samfurin waya, sigar Android da sigar manhaja, da matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗi abin da ya kamata ya faru: manhaja ta ce ana dubawa, ta tambayi saba matsayin cinikin kafin ta bari a sake biya. Hasashenka kan musabbabi ka ware shi a ƙasa, ka kira shi hasashe, kada ya cakuɗe da abin da idonka ya gani.

Kafin ka tura, ka bi hotunan sikirin da bayanan da ka kwafo, ka goge lambar kati, lambar asusu, BVN da lambar wayar mai saye. In ka haɗa fayil ɗin HAR daga burauza, wato mai adana abin da burauza ta aika da wanda ta karɓa, ka buɗe shi ka duba, don yana iya ɗauke da bayanan katin da aka aika.