Kurakuran kala a fostar walimar sauka da ake zanawa da hannu

Duk shekara in Islamiyyar unguwarmu za ta yi walimar sauka ni ake kawo wa kwali da maka a ce in zana fostar da za a manna a ƙofar masallaci, to na ɓata kwali ba adadi kafin in gane inda matsalar take.

Na farko dai jan rubutu a kan koren kwali. Kowa na son kore saboda harkar addini ce, sai a sayo koren kwali a rubuta RANA da WURI da jar maka. Matsalar ita ce tawadar maka ba ta rufe kalar takarda, haɗuwa suke yi, ja a kan kore sai ya koma wani ruwan ƙasa mai datti, gashi duhunsu kusan ɗaya ne, ga kuma mutanen da dama can idonsu ba ya bambance ja da kore sosai. Gyaran shi ne ka sayi farin kwali, koren ya koma cikin rubutun kanun, kore mai duhu ba ɗanyen haki ba.

Sai rawaya ko ruwan gwal a kan fari. A kan tebur kam tubarkalla, amma ka manna ka ja da baya taku goma, wallahi kamar ba a rubuta komai ba. Ni na taɓa rubuta ƙarfe 10 na safe da makar gwal, har Malam ya ce min "kai Ɗanjuma lokacin sirri ne?" Rawaya ta ado ce, a bar ta a gefe-gefe da zanen tauraro.

Ka duba Alƙur'ani rubutun hannu na malamanmu, haruffa baƙi, wasulla ja, hamza ɗigon rawaya. Abin da za a karanta shi ke ɗaukar baƙi, sauran kalolin 'yan rakiya ne. Haka nake yi yanzu, kala uku kawai: kanu kore mai duhu, rana da lokaci da wuri baƙi wuluk, ƙawar gefe ruwan goro irin ta allon zayyana. Ba wai don kwalin maka na da kala 12 sai duk sun shiga ba.

Rana ma tana cin ja da ruwan hoda da wuri, in fostar za ta yi sati biyu a bango kar ka ba su muhimmin bayani.

Kafin ka manna, ɗauke ta hoto da waya ka mayar da hoton baƙi da fari. Duk rubutun da ya ɓace a nan haka zai ɓace in an kai fotokofi, kuma haka zai ɓace wa dattijon da ya fito sallar magariba, sai ka bi kansa da baƙar maka tun kwalin na kan tebur.