Kurakuran da ke lalata jadawalin darussa a sakandare, da gyaransu

Yawancin karon da ake gani a jadawali, tun ranar da aka fara zana shi aka shuka shi. Kwamiti zai ɗauko takardar kowane aji ya cike gurabe da sunan darasi: Lissafi, Turanci, Hausa. Takardar aji 1A ta yi kyau, ta 2B ma haka. Sai ran Litinin an kaɗa ƙararrawa, monitoci biyu su zo ɗakin malamai neman mutum ɗaya. Takardar aji ba ta nuna karo, domin ba darasi ne ke karo ba, malami ne. Maganin shi ne babban allo guda: malamai a jere daga sama zuwa ƙasa, guraben mako a kwance, a riƙa rubuta sunan aji a cikin akwati, da fensir. Akwatin da ya riga ya cika ba zai karɓi aji na biyu ba. Daga wannan allon ake kwafo takardar kowane aji, sannan a bi kowane gurbi daga sama zuwa ƙasa, a tabbata kowane aji yana da malaminsa.

Kafin zane ma akwai lissafi, kuma shi aka fi tsallakewa. A ɗauki ƙaramar sakandare a Jos mai azuzuwa 9, darasi minti 40, takwas kullum daga Litinin zuwa Alhamis, shida ran Juma'a saboda masallaci. Gurabe 38 ke nan a mako, sau 9, 342. A nan ake yin kuskure: darasin addinin Musulunci da na Kirista lokaci guda ake yinsu, aji ya rabu biyu, don haka gurbi ɗaya yana cin malamai biyu da ɗaki biyu. In sau biyu ake yi a mako, an ƙara 18, jimilla 360. A raba wa malamai 15, kowa 24, hutu 14. Da wannan 24 ɗin za a auna kowa.

Lissafin nan yana kashe wata gardama. Ana yawan cewa a sa Lissafi da safe kawai, kafin kan yara ya gaji. To, darasi 5 a mako sau azuzuwa 9, 45 ne. Malamai biyu, guraben safe biyu, kwana biyar: 20 kacal za su shiga. Sauran 25 dole su gangaro, sai dai a raba safiyar: kowane aji biyu, biyun da suka rage a ba 'yan aji uku masu jarrabawa.

Wani kuskuren shi ne farawa da mai sauƙi. Abin da ba ya motsi shi ake fara kafawa: darussan addini, darasi biyu a haɗe na ɗakin gwaje-gwaje tunda ɗakin ɗaya ne, da malamin da ke zuwa Talata da Alhamis kaɗai. A kula musamman da mai riƙe da darussa biyu. Malamin addinin Musulunci da ke koyar da Hausa, in an rubuta shi a layi biyu a allo, to an buɗe wa karo ƙofa. Mutum ɗaya, layi ɗaya.

Adalcin hutu kuwa ba a jimilla kaɗai yake ba. Malama mai 24 da malami mai 24 a takarda daidai suke. Amma ita an jera mata takwas ran Litinin, ba ta zauna sai an tashi tara, shi kuwa Juma'arsa fayau, ba ko darasi ɗaya. Rabon da ya fi dacewa da 24 shi ne biyar-biyar daga Litinin zuwa Alhamis, huɗu ran Juma'a, kada ya wuce shida a yini, kada a jera fiye da uku ba hutu. A ƙirga guraben da kowa ke gudu daban: na farko, musamman da sanyin hunturun Jos, da na ƙarshe, a raba su da gangan. Malamin aji da mai kula da jarrabawa a rage musu biyu ko uku, a kuma faɗa a taron malamai, in ba haka ba za a ce son kai ne. Malamin Turanci mai tulin insha'i ya fi amfana da hutu biyu a haɗe fiye da huɗu a warwatse.

In karo ya ɓullo bayan an liƙa jadawali, kada a ɗage darasi a jefa shi wani gurbi. Aji ba shi da gurbin banza. Musanya ake yi a cikin aji ɗaya. Malam Sani yana 1A da 2B a gurbi na uku ran Talata: a nemo wani gurbin 2B da yake hutu, wanda malamin da ke ciki shi ma yana hutu a na uku ran Talata, su musanya. A gyara babban allo tukuna, sannan takardar 2B da ta malaman biyu, a sa kwanan wata, a cire tsohuwar daga bango a ranar.