Garwashi a Ɗaki, Janareta a Zaure: Kurakuran da ke Kashe Mu Lokacin Hunturu

Duk shekara idan sanyin Disamba ya sauko Katsina, maganar da nake ji ɗaya ce: "Ai na bari hayaƙin ya ƙare kafin na shigo da kaskon." Wannan shi ne kuskure mafi muni. Hayaƙin da ke sa hawaye daban, iskar da ke kisa daban. Sunanta kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya yi jajir yana ci gaba da fitar da ita. Idan aka rufe ƙofa aka toshe taga da tsumma, iskar ɗakin tana raguwa, gawayin ya kasa ci sosai, gubar ta ƙaru. Jini kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200.

Ƙanwata na jego aka kai mata kasko ɗaki don kada sanyi ya kama jariri. Da asuba ta tashi da ciwon kai da jiri, gwaggon da ke zaman jego tana amai, jaririn ya ƙi kama nono. Sai aka ce maleriya ce, wata ta ce kunun kanwa ne. Haba jama'a! Wace maleriya ce ke kama mutum uku dare ɗaya, ɗaki ɗaya, babu zafin jiki, kuma a ji sauƙi da an fito tsakar gida? Allah ya sa ba su koma barci ba, domin mai barci ba ya jin alamar komai. Tun daga ranar, a gidana wuta ba ta kwana a ɗaki. Bargo da rigar sanyi sun isa, kasko yana waje.

Sai janareta. Tsoron ɓarawo ke sa a ajiye shi a zaure ko baranda a kulle ƙofa, alhali hayaƙinsa yana bi ta ƙarƙashin ƙofa har ɗakin yara. Nawa a fili yake cikin kejin ƙarfe da kwaɗo, aƙalla mita 6 daga taga, salansa na kallon waje. Idan gida ba shi da wannan filin, a kashe shi kafin a kwanta.

Buɗe taga kaɗan ba ya wadatarwa, fanka ma haka.

Wanda ya shaƙa, a daina ɗura masa manja ko madara. Ba sa cire gubar, kuma wanda ya suma zai iya shaƙewa. A buɗe ƙofofi, a fito da kowa fili, wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti a faɗa musu cewa da gawayi ko janareta aka kwana. Oksijin ake sa wa mutum. Mai ciki da jariri a kai su ko da sun warware, domin ɗan da ke ciki ya fi uwarsa cutuwa.